Mijina ya daina ciyar da mu a Legas: me nake bin sa, kuma ina zan kai kuka?

"Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Agege da 'ya'ya uku. Maigidana direban tirela ne, yana lodi tsakanin Legas da Kano. A da yana ba mu naira 4,000 kullum, in zai yi tafiya ya turo na sati. Tun da ya yi amarya a Kano, wata bakwai ke nan ko sisi, kuma zuwansa biyu kacal. Da ɗan ɗinkin da nake yi muke ci, ga kuɗin haya ya kusa ƙarewa. In na yi magana ya ce babu aiki. 'Yan'uwansa sun ce in na gaji in mayar masa da sadakinsa. Shin abin da na kashe bashi ne a kansa? Zan iya komawa gidanmu? Ina zan kai ƙara tunda a nan babu kotun Musulunci?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita, ya raya zuri'a.

Kafin komai, kada ki mayar da sadakin nan, kuma kada ki kwashe kaya tukuna. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi saurin zubar wa mace haƙƙinta a irin wannan rikici, kuma za ki ga dalili a gaba. Amsar da zan ba ki a kan mazhabar Malikiyya take, domin da ita kotunan Musulunci na Arewa ke hukunci, kuma da ita malaman unguwanninmu suka yi karatu.

Ciyarwa wajibi ce a kan miji tun daga ranar da aka tare. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, ciyar da iyaye mata da tufatar da su yana kan uban ɗa gwargwadon abin da aka sani. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6 da ta 7, ya umarci maza su zaunar da mata inda suke zaune daidai ƙarfinsu, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Malamai sun tattara abin a abinci da mahaɗinsa, da sutura, da wurin zama, tare da abubuwan da girki da wanka ba sa yiwuwa sai da su, kamar ruwa da makamashi. Ma'aunin kuwa shi ne ƙarfin miji, da matsayin matar, da garin da ake zaune, da farashin kaya a lokacin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare ki, domin ba za a auna cefanen Agege da na ƙauye ba. A nan ruwa ma saye ake yi, haya kuma ta shekara ake biya.

Kuɗin ɗinkinki naki ne. Ko da kin fi shi samu, wajibin bai sauka daga kansa ba, kuma ba shi da ikon cewa tunda kina sana'a ki riƙe gidan.

Ya ƙi ne, ko ya kasa?

Duk hukuncin da za a yi miki a kan wannan tambayar ya rataya. Malikiyya sun raba miji mawadaci da ya hana, da miji matalauci da ya rasa. Wanda yake da hali ya ƙi ciyarwa, duk watan da ya wuce bashi ne a wuyansa, ko da babu alƙalin da ya yanka masa adadi tun farko, kuma tsawon lokaci ba ya goge shi. Wanda kuwa aka tabbatar da gaske ba shi da shi, ciyarwar wannan lokacin ta faɗi, ko ya samu kuɗi daga baya matar ba za ta bi shi abin da ta ciyar da kanta a kwanakin babu ba. Shi ya sa kalmar "babu aiki" take da nauyi a bakin mijinki, ko ya san fiƙihu ko bai sani ba.

Babu tana faruwa, kuma na ga ta gaske. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, akwai magidanta da aka kama babur ɗinsu suka wayi gari ba su da na koko. Irin waɗannan ba azzalumai ba ne, kuma matan da suka rufa musu asiri Allah ya saka musu. Amma mutumin da ya biya sadaki, ya haɗa lefe, ya kama wa amarya ɗaki, yake kuma ciyar da ita a Kano, da wuya ya tsaya gaban masu hukunci ya ce shi matalauci ne. Abin da yake da shi, ko kaɗan ne, na gida biyu ne. Aure na biyu ba ya rage wa uwargida ko ƙwayar shinkafa daga haƙƙinta. Wannan hali na a yi sabon aure a manta da tsohon gida yana ci mini rai, domin yawanci yaran ne ke fara biyan kuɗinsa, da yunwa da kora daga makaranta.

Don haka aikinki na farko shi ne tara abin da ke nuna yana da samu. Ki je banki ki karɓi takardar bayanan asusunki ta shekara guda, wadda za ta nuna yadda yake turo kuɗi a da, da watan da alat ya tsaya. Ki adana saƙonnin waya da na murya da kuka yi, musamman inda ya amsa da bakinsa cewa bai turo ba. Ki san sunan garejin da yake lodi da mai motar da yake ja wa. Ki ajiye rasit na makaranta da na asibiti da na haya. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da kike kashewa kullum da kwanan wata. Kada ki buɗe wayarsa a ɓoye ko ki shiga asusunsa, abin da ke hannunki ya isa.

Yadda lissafin yake

Mu ɗauki alƙalumanki. Naira 4,000 a kullum ta kama 120,000 a wata, wata bakwai kuma 840,000. Mata da yawa da wannan jimillar suke zuwa wurina, sai ransu ya ɓaci in na ce ba haka ake lissafawa ba. Dole a raba kuɗin gida biyu, naki da na yara, domin hukuncinsu ya bambanta.

A ce masu hukunci sun ƙiyasta kasonki 40,000 a wata, na yara uku 80,000. A ce kuma ya kawo shaida cewa wata biyu motar tana wurin gyara, bai yi lodi ba, ba shi da wata ajiya. Waɗannan wata biyun sun fita, saura biyar. Kasonki na wata biyar, 200,000, bashi ne tabbatacce.

Na yara, 400,000, shi ne mai sharaɗi. Ciyar da 'ya'ya an wajabta ta ne don toshe buƙatar lokacin, saboda haka in lokacin ya wuce takan faɗi, sai a hali biyu: ko dai alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar da su bai yi da niyyar kyauta ba. Ke uwa ce, kowa zai ɗauka don tausayi kika ciyar da 'ya'yanki. Za a tambaye ki ko kin yi ne da nufin uban ya biya, kuma za a iya neman ki rantse. Maganin wannan mai sauƙi ne. Yau ɗin nan ki tura masa saƙo cikin ladabi, ki ce: "Baban yara, abin da nake kashewa a kan abincinsu da makarantarsu daga aljihuna nake yi a madadinka, ina rubutawa, za ka biya ni." Ki faɗi hakan a gaban mutum biyu masu mutunci. Haka nan in kika ci bashi don biyan haya, ki sanar da shi kafin ki karɓa, ki riƙe rasit da sunanki.

Akwai wata ƙa'ida a Mukhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, da na so a ce kowace matar direba da ta ɗan kasuwa mai tafiya ta san ta. Idan miji yana gari, aka yi jayayya, ya ce yana ciyarwa ita ta ce ba ya yi, maganarsa ake ɗauka tare da rantsuwa, domin zaman tare yana nuna ana ci. Idan kuwa ba ya nan, ya dawo ya ce ai yana aikowa, maganar matar ake ɗauka, amma daga ranar da ta kai kukanta gaban mahukunta. Watannin da suka gabaci ranar, maganarsa ce a sama, sai in ta kawo hujja. Littafin ya ma fayyace cewa faɗa wa maƙwabta ba ya zama kai ƙara. Kin ga ke nan shirun da ake yaba wa mace da shi, a ce mai haƙuri ce, a wurin shari'a raunana mata hujja yake yi. Na sha zama da matan da suka yi shekara biyu suna rufa asiri, ranar da aka zauna mijin ya ce yana ba da kuɗi a hannu ta wajen yaron mota, ba su da abin da za su ƙaryata shi da shi. Ke takardar banki za ta taimake ki a kan watannin baya, tunda ya saba turowa ta asusu. Amma kada ki ƙara wata guda ba ki kai maganar inda za a rubuta ta da kwanan wata ba.

Wannan littafin dai ya ba matar matafiyi wani haƙƙi da ba a cika amfani da shi ba. In miji zai yi tafiya, tana da ikon neman ya bar mata ciyarwar kwanakin da zai yi, ko ya tsayar da wanda zai lamunce masa. Kuma in yana da dukiya a garin, ko ajiya a hannun wani, ko bashin da yake bi, ana iya yanka mata ciyarwa daga ciki bayan ta rantse. Ga direba, wannan yana nufin a zaman sulhu ki nemi a sa mai motar ko shugaban gareji a cikin yarjejeniya, a riƙa cire kason gidanki daga kuɗin lodi ana turo miki kai tsaye. A abin da na gani, yarjejeniyar da aka ɗaura a kan hanyar samun miji ta fi daɗewa a kan wadda aka ɗaura a kan alkawarin baki.

Game da ɗaukar kuɗinsa ba da saninsa ba, hadisin Hindu matar Abu Sufyan sananne ne a Buhari da Muslim. Ta kai kukan rowar mijinta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka sani. Halal ne, iyakarsa buƙata. Sai dai ina jan kunnenki, kada ki sayar da kayansa ko ki cire kuɗi da katinsa. A garin nan yana iya kai ki wurin 'yan sanda, maganar ciyarwa ta koma maganar sata.

Tafiya gida da mayar da sadaki

Matar da ta fita daga gidan miji ba da izininsa ba, ba tare da uzuri ba, kuma ya nemi ta dawo ta ƙi, ciyarwarta tana faɗuwa muddin tana can, sai in tana da ciki. Ke kina da uzuri, domin ba a tilasta wa mace zama da yunwa ko a ɗakin da aka ba da notis. Amma in kika yi yaji shiru, labarin da zai bayar shi ne kin gudu da 'ya'yansa, sai a bar maganar wata bakwai a koma maganar fitarki. In zama ya gagara, ki fara kai ƙara, ki sanar da waliyyinki, ki rubuta wa mijin cewa rashin abinci da haya ne zai fitar da ke, kuma a shirye kike ki dawo ranar da ya tanada. Sannan ki tafi.

Shawarar da 'yan'uwansa suka ba ki kuwa sunanta hul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya. An yi shi ne don matar da ba ta son zaman alhali mijin bai gaza mata da komai ba. Wadda aka hana ci da sha hanyarta daban ce, kuma ba ta biyan ko kwabo. Alƙali zai umarci miji ya ciyar ko ya saka. In mai hali ne, a karɓa daga dukiyarsa ta fili. In ya tabbatar da babu, a ba shi wa'adi gwargwadon ganin alƙali, littafin fiƙihun nan Tuhfatul Hukkam ya ambaci wata biyu, in wa'adin ya cika bai samu ba a sake ta a kansa. Sakin nan na kome ne, amma ba zai iya mayar da ita a cikin idda ba sai ya sami abin ciyar da ita. Abu biyu ke hana wannan rabuwa: in ta aure shi tana sane da cewa matalauci ne, ko in yana iya kawo abincin da zai ƙosar da ita, ko da ba mai daɗi ba ne, da suturar da za ta rufe jiki. Kuma bashin baya kaɗai ba ya sa a raba aure. In ya dawo da ciyarwa yau, aure yana nan, tsohon kuɗi kuma a bi shi kamar kowane bashi.

Abin da nake gani sau da yawa shi ne a matsa wa mace da yunwa har ta gaji ta ce a sawwaƙe mata, sannan a ce to ta biya, har a sa ta yafe bashin ciyarwa a cikin takardar. Malikiyya sun ce in ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya auku kuma a mayar mata da abin da ta biya. Amma karɓo kuɗin da ya riga ya fita wahala ne. Kada ki sa hannu a kan wata takarda sai wanda ya san abin ya karanta miki.

Inda za ki je a Legas

Gaskiya ne gwamnatin Legas ba ta kafa kotun Musulunci ba, amma ƙofofi suna nan, kowace da abin da take iyawa.

Ki fara da waliyyinki da wanda ya karɓa wa mijin aure. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. In waya ba ta yi ba, sai limamin unguwa da fadar Sarkin Hausawan Agege. Direba yana jin kunyar a kira shi fada a gaban abokan sana'arsa, kuma wannan kunyar takan yi aikin da takarda ba ta yi. Abin da nake roƙonki shi ne kada a tashi da "Allah ya ba da haƙuri" kawai. A rubuta adadin wata, da ranar biya, da lambar asusun da za a tura, da wanda zai biya haya da makaranta, da yadda za a rage tsohon bashi, shaidu su sa hannu.

In wannan bai yi ba, akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da Musulmin Legas suka kafa a 2002, wanda aka san shi da zama a babban masallacin Abesan da ke Ipaja, ba nisa da ke. Masana fiƙihu ne ke zama, suna sauraron ƙarar ciyarwa da saki da gado. Malikiyya sun yarda cewa inda babu alƙali, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa, don haka kai kuka wurinsu yana da gindi a addini. Iyakarsu ita ce ba su da 'yan sanda, ba sa iya kamo wanda ya ƙi zuwa ko su taɓa asusunsa.

Ƙarfin tilastawa yana wurin hukuma, kuma ta ɓangaren yara ya fi sauƙin samuwa. Dokar haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007 ba ta tambayar wane irin aure iyaye suka yi. Kotun iyali, wadda ke zama a matakin majistare da na babbar kotu, tana iya umartar uba ya riƙa biyan kuɗin abinci da makaranta da magani. Hanya mafi kusa ita ce ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, su kan gayyaci uban, in ya ƙi su miƙa maganar kotu. Ma'aikatar shari'a ta jihar tana da ofishin lauyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, wanda aka fi sani da OPD, tana kuma da cibiyar sasanta jama'a da ba a biyan kuɗi. Haka nan dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta lissafa hana iyali abin masarufi a cikin nau'o'in cin zarafi, kuma kotu na iya ba da umarnin tallafin kuɗi na gaggawa a ƙarƙashinta. Dokar aure ta tarayya ta 1970 da za ki ji wasu na ambata ta masu auren rajista ce, ba ta shafi auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai ba. Kotun gargajiya kuma, ko da mata Musulmi na zuwa, ba da fiƙihu take hukunci ba.

Sai hanya ta ƙarshe, wadda a ganina ta fi dacewa da haƙƙinki na kanki. Tunda yanzu zamansa ya fi yawa a Kano, kina iya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da yake zaune. Ita tana da ikon aika masa sammaci, ta yanka ciyarwa, ta tilasta biyan bashi, ta raba aure in ta kama. Ba dole ki tare a can ba, kina iya wakilta mahaifinki ko yayanki ko lauya, sai ranar da ake buƙatar rantsuwarki ki je.

Ɓangare ɗaya na ji, kuma mai hukunci sai ya saurari mijinki, wataƙila yana da bayanin da zai canza lissafin watannin. Amma da ni ne ke, a satin nan zan tura saƙon nan na cewa ina ciyar da yara a madadinsa, in karɓo takardar banki, in kira waliyyina, in nemi a sa ranar zama a fada. In aka yi sati biyu bai amsa kira ba, sai ofishin walwala saboda yara, da kwamitin Abesan ko kotun Kano saboda ke. Ki kuma je wurin mai gidan haya tun kuɗin bai ƙare ba, ki gaya masa ana kan magana, ki nemi ya ba ki takardar adadin da ake bi da ranar ƙarewa, domin ita ma za ta shiga cikin abin da za ki ajiye a gaban masu sulhu.